Man kariyar rana: kafin ki biya, nemi zoben UVA

Yawancin masu sayen man kariyar rana a Damagaram lambar SPF kawai suke dubawa, ko FPS a kayan Faransa. Wannan lamba hasken UVB take aunawa, wanda ke ƙona fata. A wurin gwaji ana shafa miligiram 2 a kowace santimita murabba'i ta fatar mutum, a haska fitila, a ga sau nawa ƙarfin hasken zai ninka kafin fatar ta yi ja. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari, SPF 50 kusan kashi 98. Tazarar kaɗan ce, kuma yawancinmu ko rabin man da ake gwaji da shi ba mu shafawa. Fuska da wuya na bukatar man da zai cika tsawon yatsu biyu, a sake bayan awa biyu in ana cikin rana.

Mu masu baƙar fata ba mu cika ƙonewa ba. Abin da ke damunmu tabo ne: ƙurji ya warke, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi tafiya. A nan wani nau'in hasken rana, UVA, ke da hannu sosai, ga shi yana ratsa gajimare da gilashin mota. Shi ya sa ni na fi yarda da kwalbar da ke da haruffan UVA a cikin zobe. Ƙa'idar Tarayyar Turai ce ta 2006: kariyar UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF. Wato SPF 30 mai zobe zai ba ki aƙalla 10, SPF 50 kuwa kusan 17. Kin ga da zoben, lambar SPF ɗin ma ta gaya miki wani abu game da UVA.

Alamar PA++++ ta Japan tana nufin kariyar UVA 16 ko sama, ba laifi. Mai alamar tarawa biyu, PA++, bai kai 8 ba, ki bar musu kayansu.

Jabu kuwa ya yi yawa, wallahi. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da man da aka rubuta wa SPF 100 da manyan haruffa, babu zobe, babu lambar rukunin da aka yi shi, kuma tabona sai ƙara duhu ya yi. A ƙa'idar Turai lamba ba ta wuce 50+, don haka kwalbar da ta ce daga Faransa take amma tana ɗauke da 100, sai ki ƙara bincike kafin ki saya. Ki duba ranar lalacewa, ki matsa kaɗan a bayan hannu. In ruwa ya fara fitowa daban, mai daban, zafi ya riga ya ɓata shi, abin da ba wuya ga kayan da ya wuni a rana cikin Afrilu. Man bilicin da aka liƙa wa lambar SPF ma kada ki ɗauke shi kariya. In kuma zabiya za a saya wa, a je farmasi, a ɗauki 50+ mai zobe ko da ya fi tsada.