Daga banki zuwa nazarin bayanai: wane kundin ayyuka ya fi ɗaukar mutum?

"Shekaruna 43, na yi 15 daga ciki a sashen bashi na wani banki a nan Abuja, ina kuma son komawa nazarin bayanai. Shin in cika kundin ayyukana da aikin da ake bayarwa a kwas, ko in gina wani abu daga aikin banki? Kuma me zan faɗa a intabiyu idan aka tambaye ni dalilin canji?"

Hajiya, hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Aikin kwas, irin na bayanan fasinjojin Titanic da ke Kaggle mai layi 891, yana da amfani wajen saba wa hannu da SQL, Excel da Power BI, domin an riga an tsara bayanan kuma akwai amsar da za ki gwada taki da ita. Matsalarsa ita ce mai ɗaukar aiki ya gan shi a takardun mutane da yawa, saboda haka zai ajiye ki a sahu ɗaya da wanda ya gama bautar ƙasa bara, shekarunki kuma su koma abin da za ki yi ta karewa.

Aikin da ya fito daga banki ya fi cin lokaci, amma shi kaɗai ne yake nuna abin da ƙannenki ba su da shi. Ɗauki ma'aunin bashin da ke cikin haɗari bayan kwana 30. A ce wani reshe a Wuse yana bin jimillar naira miliyan 200, masu bashin da suka yi latti fiye da kwana 30 kuma kason da suka tsallake ya kai miliyan 4, alhali ragowar dukkan bashin da ke kansu miliyan 18 ce. Sabon shiga zai raba 4 da 200 ya rubuta kashi 2 cikin ɗari, rahoton ya yi kyau a ido. Ke kin san cewa da zarar mutum ya fara tsallake biya, duk ragowar ce ta shiga haɗari, don haka amsar kashi 9 ce. Ga yadda ake fitar da wannan ma'aunin na kowane reshe da SQL:

```sql
SELECT reshe,
  SUM(CASE WHEN kwanakin_latti > 30 THEN ragowa ELSE 0 END)
    * 100.0 / SUM(ragowa) AS par30
FROM bashi
GROUP BY reshe;
```

Rubuta wannan abu ne na mako ɗaya ga mai koyo. Abin da ba a koyo a mako ɗaya shi ne sanin cewa idan ma'aunin wani reshe ya faɗi kwatsam a ƙarshen wata, sai a duba ko an sake tsara wa wasu bashi ne aka mayar da kwanakin lattinsu sifili, ko an share bashin daga littafi, ko kuma an bayar da sabbin basussuka masu yawa da suka kumbura jimillar. Ki sa wannan binciken a cikin aikin, ki rufe da shafi ɗaya da ke gaya wa manaja reshen da zai fara ziyarta da dalilin hakan.

Haɗarin wannan hanya yana wajen samo bayanan. Kada ki fitar da ko layi ɗaya daga ma'aikatarku, ko da kin goge sunaye, domin adadin kuɗi da kwanan wata da reshe suna iya tona mutum, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023, ga kuma alƙawarin sirri da kika sa wa hannu. Ki haɗa bayanai na gwaji da kanki, ki rubuta a fili cewa na gwaji ne, ko ki ɗauki tarin da ake kira Default of Credit Card Clients a rumbun bayanai na intanet na jami'ar UCI, mai ɗauke da mutum 30,000 daga Taiwan. Alƙaluman da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa ma suna nan, sai dai jimillar ƙasa ce, ba bashin ɗaiɗaikun mutane ba.

Labarin da ake bayarwa a intabiyu kan dalilin canji ma iri biyu ne. Wanda ya ce ya gaji da matsin banki, ko ya ce tun yana yaro yake son lissafi, ya faɗi abin da ba a iya tabbatarwa, na farkon ma yana sa a yi zaton gudu yake yi. Labarin da ake yarda da shi kuwa yana da abin da za a taɓa: kin yi shekaru kina haɗa rahoton bashi na wata da hannu a Excel, kin ga inda kuskure ke shiga, kin koyi SQL don magance shi, ga kuma aikin a GitHub. Kowace jimla a cikinsa ta zama wadda za ki iya amsa tambaya uku a kanta, domin mai intabiyu zai tona.

Ni dai shawarata, ki yi aikin kwas wata biyu ko uku don hannu ya faɗa, amma kada ki sa shi a gaban kundin. Ayyuka biyu na bashi sun isa. Kafin ki ajiye aiki kuma, ki fara neman sauyi zuwa sashen kula da haɗari ko na rahotanni a bankinku, sannan bankunan masu ƙaramin ƙarfi da kamfanonin bayar da bashi ta waya, inda ake amfani da wannan ma'aunin kullum. Idan kika tsallaka wani fanni dabam, ki shirya wa yiwuwar albashin farko ya gaza na yanzu.