RCD ko sake waya cikin bututu: wanne ke tare gobarar da ɓera ke jawowa?

"Jama'a ɓeraye sun addabi silin ɗina, ƙwan falo har kyaftawa yake yi. Mai gyaran wuta ya ce in sa RCD ko kuma a sake wayoyin a zura su cikin bututu, kuɗina na ɗaya ne kawai. Wanne zan fara?"

Malam, wannan kyaftawar ita ta tsaya min a rai, don ita ce irin matsalar da RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta zurare daga waya, ba ya gani sam.

Ɓarnar ɓera a waya iri biyu ce. Akwai wadda zai feƙe robar ya bar tagulla tsirara, akwai kuma wadda haƙorin zai shiga tagullar kanta ya cinye rabinta ko ya tsinke wasu silloli, wayar ta rage siririya a wuri guda. Ba yunwa ke sa shi ba fa, haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro kuma sun fi tagulla tauri, don haka gaigaya ta zame masa jiki.

RCD na 30mA aikinsa ɗaya ne, yana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in ya ga bambanci ya yanke. Kenan in wayar da aka feƙe ta taɓa kwanon rufi mai haɗi da ƙasa, ko wayar ƙasa, ko jikin mutum, nan take zai faɗi, kuma a nan kam ba shi da na biyu. In layif da nutural suka haɗe gam, wannan na bireka ne wato MCB. To amma wayar da ta sirance fa, wadda ke iya sa ƙwai kyaftawa? Wutar da ta shiga ita ce ta fita, RCD bai ga komai ba, bireka ma bai ga lodi ya wuce ƙima ba.

Mu ɗan yi lissafi. Hita mai wat 2000 tana jan kusan am 9 a kan bolt 230, layin soket ne mai waya 2.5mm da bireka na 20A. A ce inda ɓera ya ci ya rage a ɗosane har ya zama yana turjiya ta rabin om. 9 sau 9 sau rabi, wat 40 kenan na zafi a wurin da bai fi kan ashana ba. Ka taɓa riƙe tsohon ƙwan fitila mai wat 40 da ya jima a kunne? To haka, sai dai wannan a dunƙule yake a ƙarƙashin roba, robar ta narke ta zama gawayi, gawayin kuma lantarki yana bi ta cikinsa sai tartsatsi ya fara, ga sheƙar ɓera ta tsumma da takardu a gefe ga busasshen katako a sama, bireka yana can yana jiran am 20 da ba za ta taɓa zuwa ba. Akwai na'urar da aka yi don irin wannan tartsatsin, AFDD, amma ita ma yanke wuta kawai take yi, wayar tana nan a cinye.

Sake waya kuwa yana cire ciwon ne tun daga tushe. Sai dai bututu ma suna suka tara. Na PVC ɓera yana cin sa in ya samu gefen da zai kafa haƙori, shi kuwa mai lanƙwasa mai kama da maƙogwaro kusan ba komai ba ne a wurinsa. Na ƙarfe shi ne ya gagare shi, amma dole a haɗa shi da wayar ƙasa in ba haka ba shi kansa lantarki zai iya bin jikinsa. Kuma a rufe duk akwatin haɗi da murfinsa, don ƙaramin ɓera ramin milimita 6 ma ya ishe shi. Na taɓa leƙa wani silin da aka zura bututu tsaf amma aka bar akwatunan a buɗe, a cikin ɗaya muka tarar da sheƙa, jar waya ta koma baƙa wajen tsawon ɗan yatsa.

Ni dai da kuɗin nan a hannuna waya zan fara, ko da layin falon ne kaɗai da duk wanda aka ga tabo a jikinsa, RCD ya biyo baya da zarar hali ya samu don shi ke kare mutum daga jan wuta. Yau ɗin nan ka sauke birekan layin falon ka bar shi a kashe. In mai gyara ya zo a kashe babban layi kafin ya hau, ya bi wayar da tocila yana duba saƙon haƙori da kashin ɓera da inda roba ta yi baƙi. Ya gwada da mega, wato na'urar auna lafiyar robar waya, a 500V, in ya karanta ƙasa da megaom 1 akwai matsala, amma kar ku dogara da shi kaɗai, waya tsirara da ke reto a busasshiyar iska tana iya cin wannan gwajin lafiya lau. Inda ya ga ci kuma kar ya naɗe da salatif ya sauko, a zare tsawon gaba ɗaya daga akwati zuwa akwati.