Eriya mai wayoyi biyu: abin da na gani a Arkilla da bayan Kwannawa

Wata uku ke nan da na sayi eriyar waje mai wayoyi biyu, wadda aka rubuta 2x2 MIMO a kwalinta, wato fasahar turo sigina ta eriya biyu a karɓa da eriya biyu, na haɗa wayoyin nata da rautar 4G. Mai shagon ya rantse mini cewa gudun intanet zai ninka. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa.

Na fara gwada ta a shagona na Arkilla, inda ƙarfen sabis yake kusa. Shafin rautar ya nuna SINR, ma'aunin tsabtar sigina, 22 dB, wato siginar ta fi hayaniya nesa ba kusa ba. Da waya ɗaya na samu 28 Mbps, da na ɗaura ta biyun sai ga 49. Idan hanya ta yi tsabta haka, ƙarfen sabis yakan raba saƙo gida biyu, kowace cikin eriyoyinsa biyu ta turo nata kason a lokaci guda a kan mitar rediyo ɗaya, rauta ta warware su. Kamar buhunan albasa ne a raba wa motoci biyu.

Sai na kai ta gidanmu can bayan Kwannawa, ina ta cika baki. A can SINR 3 dB ne, yana hawa yana sauka. Waya ɗaya 4 Mbps, biyu kuwa 6 kacal. Har na fara jin haushi, sai na lura kiran bidiyo da ke yankewa kullum ya daina. Ashe idan sigina ta raunana, rauta da kanta take sanar da ƙarfen sabis cewa ba za ta iya ɗaukar kaso biyu ba. Sai ƙarfen ya turo saƙo ɗaya ta eriyoyinsa biyu, ita ma rautar ta saurara da kunne biyu. Wuya ne siginar ta dushe a duka biyun lokaci guda, haɗa su kuma kan ƙara kusan 3 dB. Ribar a nan tsayuwar layi ce. Baba bai damu da lambobi ba, shi dai ya ga jikokinsa ba su ƙara daskarewa a allo ba.

Abin da ya fi burge ni a eriyar da na saya: eriyoyi biyu ne a cikinta, a gicciye suke, ɗaya +45°, ɗaya -45°. A da ina da sanduna biyu a tsaye kan rufi, suna kallon ƙarfen sabis ba shamaki, gudu bai taɓa ninkawa ba, domin abu ɗaya suke ji, rauta ta kasa bambance kason biyu.

Aibinta wayoyin ne, mita 5 kawai, da na yi musu ƙari kuwa sigina ta ragu. Bayan Isha'i ma, idan jama'a suka yi wa sabis yawa, ko a Arkilla gudun faɗuwa yake, SINR na nan daram a 22.