Lesin ɗin bim mai tokara: ya burge ni, amma akwai saura

Lesin ɗin yamma da ake yi wa ɗaliban injiniya a wajen Ƙofar Ƙaura, kuɗinsa kowa ya sani, ba sai na faɗa ba. Ni abu ɗaya ya kai ni, wato bim ɗin da aka kafe gindinsa a bango sannan aka tokare bakinsa da fila. Kuma wallahi a rana ta farko Malam ya ci kuɗinsa.

Matsalar wannan bim ita ce abubuwan da ba a sani ba uku ne: ƙarfin da bango ke riƙewa, murɗin da ke gindi, da ƙarfin tokara. Ƙa'idojin daidaito kuwa biyu kacal ke da amfani a nan. Malam bai fara da haddar komai ba, cewa ya yi mu cire tokarar a zuci, mu ga yadda bakin bim zai sauka. Ya ɗauki bim mai tsawon mita 4, da nauyin 10 kN a kan kowace mita, da taurin bim, wato EI, na 8000 kNm². Saukar baki ita ce wL⁴/8EI, inda w yake nauyin kowace mita, L kuma tsawon bim, ta ba mu milimita 40. Sai ya ce yanzu mu cire nauyin, mu bar tokara ita kaɗai tana tura baki sama da ƙarfi R. Ɗagawar da za ta yi ita ce RL³/3EI, wato kowane 1 kN yana ɗaga bakin da kusan milimita 2.67. Tunda a zahiri bakin bai motsa ba, dole ɗagawa ta yi daidai da sauka. Ka raba 40 da 2.67, ka sami 15 kN. Nan take na ga inda 3wL/8 ta fito, abin da na daɗe ina rubutawa kamar karatun aku.

Daga nan komai ya warware. Jimillar nauyi 40 kN ce, bango ya ɗauki 25. Murɗin gindi da ya kasance 80 kNm ba tokara, ya dawo 20. Na fito ina ta yaba mutumin nan, har na jawo abokaina biyu suka biya.

To amma handawut ɗin da ya tilasta mana saya, shi ya ɓata min rai. A ciki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa EI kullum soke kanta take yi, kada ɗalibi ya damu da ita. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan filar ta ɗan nutse a ƙasa fa?" Ya ce, "Ke dai riƙe 3wL/8, wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Shi ke nan ya wuce.

Haba! Mu da za mu tsaya a wurin gini? EI tana sokewa ne kawai idan tokarar ba ta motsa ko kaɗan ba. Da na koma gida na bi hanyar da shi kansa ya koya mana. A ce filar ta nutse da milimita 8 bayan damina, abin da kan faru idan an kafa ta a kan ciko ba a daddaɓe ba. Yanzu tokara ba milimita 40 za ta mayar ba, 32 ne kawai, don haka R ta sauka zuwa 12 kN. Murɗin gindi ya zama 80 a cire 12 sau 4, wato 32 kNm. Daga 20 zuwa 32, saboda nutsewar da ido ma da ƙyar zai gani! Wanda ya lissafa rodin saman bim a kan 20, tsaga zai fara gani a sama, dab da bango. Kuma idan bim ɗin ya fi haka tauri, abin ya fi muni, domin nutsewa kaɗan ta isa ta sauke wa filar kaya mai yawa ta mayar wa bango.

Abin da ya fi ba ni haushi, bayanin nan bai fi layi uku a allo ba, kuma na tabbata ya san shi. Sauri yake yi ya sallame mu saboda wani rukunin na jira a waje, ga ɗaki a cunkushe, fanka ɗaya. Da na nuna masa lissafina washegari, ya duba ya ce daidai ne, amma har yau ana sayar da handawut ɗin da wannan layin a ciki.

Wanda bai gane daidaita sauka da ɗagawa ba, ya je, zai gane. Kuɗin handawut kuwa ban yafe ba, kuma na gaya wa abokan nan nawa su soke layin da biro kafin su karanta.