Jira a tasha: a bar inji na aiki ko a kashe?

Direbobi biyu na lodi a tasha a Damagaram, dukansu Maradi za su. Na farko ya bar mota kunne yana jiran fasinja su cika, wai kada ta ƙi tashi. Na biyu ya kashe tasa ya zauna a inuwa.

Ƙaramar mota mai shan fetur, idan tana tsaye injinta na aiki, takan sha wajen lita ɗaya a awa, fiye da haka in an kunna na'urar sanyi. Jiran minti 30 sau biyu a rana ya cinye lita ɗaya ke nan, wajen lita 30 a wata, taya ba ta juya ko sau ɗaya ba. Kowace lita kuma tana fitar da kilo 2 da ɗoriya na iskar kabon, ban da hayaƙin da masu tallar ruwa da ƙosai ke shaƙa a bakin salansa. Wannan ne ya fi damuna, domin yawancinsu yara ne.

Wata hujjar na farko ita ce tayar da inji na cin mai da yawa. A motocin yanzu masu injekta, man tayarwa bai wuce na daƙiƙa 10 na zaman banza ba. Saboda haka duk jiran da zai haura minti ɗaya, ina bayan mai kashewa.

Inda na farko ke da gaskiya shi ne batir. In ka murɗa makulli ka ji sitata na jan ƙafa, fitilun gaban direba suna dusashewa, batirin ya gaji, zafin Damagaram kuwa yana saurin kashe shi. A duba shi, a sauya in ya mutu.