Gargaɗi ga masu shafin farashin hatsi: kada ku sayi baƙi na bogi

Jama'a, musamman matasanmu na Daura da kewaye masu buɗe shafin noma da farashin kasuwa, ku yi hattara da masu yawo a guruf-guruf na WhatsApp suna cewa za su cika muku shafi da baƙi, wato masu ziyartar shafin a intanet, dalar talla ta fara zuba cikin sati biyu.

Abin ya faɗa wa wani ƙanena. Yaron nan ya yi watanni yana zuwa kasuwar Mai'adua yana rubuta farashin buhun gero da wake da riɗi. Masu karanta shi ba su da yawa, amma 'yan kasuwa ne na gaske, kuma Google AdSense, masu sa talla a shafi suna biyan mai shi, sun riga sun amince da shafin. Sai wani ya turo masa hoton asusu cike da daloli, ya ce ya ba shi naira dubu sittin ya loda masa baƙi. Ya biya. Washegari lambobi suka tashi, kuɗi ya fara nunawa a allo, har ya fara lissafin sayen babur.

Wancan kuɗi na allo kiyasi ne kawai. Sai farkon wata mai zuwa ake tantance shi, a cire duk danna tallar da ba ta gaskiya ba, kuma ba a biya sai ya kai dala 100. Mayaudarin ya san haka, shi ya sa yake karɓar nasa tun da wuri. Baƙin da ya turo injina ne da 'yan haya masu danna talla. Kafin ranar biya, wadda ke kamawa daga 21 ga wata, an rufe asusun yaron. Kuɗin bai shigo ba, mutumin kuma ya toshe lambarsa. Abin da ya fi ƙona min rai, har ɗan halaliyarsa da ya tara a baya ya maƙale a ciki.

Ana iya gane wannan tun rana ta farko. Buɗe Google Analytics, manhajar da ke nuna masu ziyartar shafi, ka duba inda baƙin suke fitowa. Mai neman farashin wake a Mai'adua ɗan Katsina ne, ko Kano, ko Damagaram. In ka ga dubbai daga ƙasashen da ba su san tiya ba, suna shigowa su fita cikin daƙiƙa biyu amma suna danna talla, to an cuce ka. Cire tallar daga shafin nan take, ka sanar da kamfanin Google da kanka.

Hoton daloli kuwa ba hujja ba ne, kowa na iya sauya lamba a allon kwamfuta ya ɗauki hoto. Haka ku yi hattara da masu sayar da asusun AdSense da wai an riga an amince da shi. Neman asusu kyauta ne, kuma wanda ka saya yana nan da suna da adireshin mai shi na farko, ran da ya ga dama zai ƙwace abinsa.

Duk wanda aka tuntuɓa da irin wannan tayi, ya ajiye lambar asusun bankin da aka turo masa da hotunan hirar, ya kai ƙara bankinsa da ofishin 'yan sanda.