Sharhi kan kamfanin da ya yi wa shafin shagona rajistar suna

Kamfanin da na sayi sunan shafin shagona a wurinsa yana da araha, kuma sunan bai taɓa ɗaukewa ba, amma tsarin da yake miƙa wa sabon abokin ciniki yana da giɓin da ya jawo mini asarar masu saye. Idan aka rubuta adireshin da www a gaba, shafin yana buɗewa lafiya lau. Idan aka rubuta shi zalla, kamar yadda yake a jikin katin shago da ledojinmu, sai burauza ta ce ba ta sami shafin ba. Mai shafi zai iya daɗewa bai lura ba, domin Chrome yana ɓoye www a layin adireshi, kuma yana cike masa tsohon adireshin da ya saba shiga.

A tsarin DNS, wanda ke haɗa sunan shafi da adireshin sabarsa, sunaye irin su example.com da www.example.com biyu ne daban, kowanne yana buƙatar bayaninsa. Da na duba sashen DNS na kamfanin, sai na tarar an saka wa www bayanin CNAME, wato mai jingina suna ga wani suna, wanda ke nuni zuwa masu ajiye mini shafin, amma tushen sunan, wato sunan zalla ba tare da www ba, wanda ake rubutawa da alamar @, ba shi da bayanin A mai ba da adireshin IP ko ɗaya. Wannan umarni ne ya tabbatar mini:

```
dig +short www.example.com
dig +short example.com
```

Layin farko ya dawo da adireshi, na biyu kuwa bai dawo da komai ba. Ba zai yiwu kuma a kwafi CNAME ɗin a ɗora wa tushen ba, saboda ƙa'idar DNS tun ta 1987 ta hana CNAME zama tare da wani bayani a suna ɗaya, alhali tushen dole ne ya ɗauki bayanan SOA da NS, galibi har da MX na imel. Wasu kamfanoni sun samar da ALIAS ko ANAME, masu yin aikin CNAME a tushen suna, domin wannan matsala, Cloudflare ma yana da irin nasa, amma wannan kamfani ba shi da ko ɗaya, kuma bai bayyana hakan ba kafin a biya kuɗi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shawarar ma'aikatan taimako. Sun amsa cikin ladabi da sauri, suka ce in kunna maɓallin tura baƙi da ke cikin asusuna, wanda zai riƙa kai duk wanda ya zo tushen zuwa www. Na kunna, kuma ya yi aiki ga wanda ya shigo ta http. Sai dai sabar da ke yin turawar ba ta da satifiket ɗin tsaro na sunan shafina, don haka wanda ya shigo ta https ba ya kaiwa ga turawar, domin burauza tana tantance satifiket tukuna kafin ta saurari umarnin komawa wani wuri. Na ga hakan ƙarara da `curl -I https://example.com`, wanda ya tsaya da kuskuren satifiket maimakon ya nuna 301, lambar da ke nufin an tura baƙo wani adireshi. A ganina bai dace kamfani ya ba da irin wannan turawa a yau ba tare da gargaɗi ba, tunda burauzoji da yawa suna fara gwada https ne.

Gyaran da ya ɗore a wajen masu ajiye shafin na same shi. Na kashe maɓallin turawar, na ƙara bayanin A ga @ mai nuni zuwa adireshin IP na sabata, sannan na karɓi satifiket na Let's Encrypt, wanda kyauta ne, mai ɗauke da sunayen biyu:

```
certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Ya kamata a sani cewa satifiket mai tauraro, wato *.example.com, yana rufe www amma ba ya rufe tushen, sai an ambace shi daban. Daga nan na sa wannan layi a sashen tushen cikin Nginx, manhajar da ke miƙa shafin daga sabata:

```
return 301 https://www.example.com$request_uri;
```

Amfanin `$request_uri` shi ne wanda ya bi mahaɗin wani kaya zai sauka a kan kayan, alhali turawar kamfanin tana zubar da kowa a shafin farko. Lambar 301 kuma tana shaida wa injunan bincike cewa komawar ta dindindin ce, su ɗauki www a matsayin adireshi ɗaya tilo. Gyaran bai bayyana ga kowa a lokaci guda ba, domin wasu layukan sadarwa sun riƙe tsohuwar amsa har lokacin TTL, wato wa'adin riƙe amsar DNS, ya cika, wanda a asusuna daƙiƙa 3600 ne, wato awa ɗaya.

Zan ci gaba da sabunta rajistar sunan a wurinsu, saboda a wannan fanni ba su gaza ba. Wanda masu ajiye shafinsa ba sa ba da tsayayyen adireshin IP kuwa, sai CNAME kaɗai, gara ya mayar da DNS ɗinsa inda ake da ALIAS tun kafin ya buga adireshin a jikin kati.